Sikeli da Tef: Yadda Ake Yanke Kuɗin Ɗaukar Kaya a Jirgin Sama

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayo kaya daga Guangzhou ko Dubai ya turo su ta jirgin sama ya san irin wannan takaicin. An ɗora kwalayensa a kan sikeli, ya ga kilo 60 da idonsa, ko a hoton da aka turo masa ta waya. Ejan ya riga ya gaya masa kuɗin kilo ɗaya, shi kuma ya buga lissafinsa, har ya yanke farashin da zai sayar a Kano. Da takardar biya ta iso sai ya ga an rubuta kilo 100. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne an cuce shi. Wani lokacin kuwa haka ɗin ne. Amma mafi yawanci babu wanda ya taɓa sikeli, kuma kilo 40 ɗin da aka ƙara yana da asali a wata ƙa'ida da kamfanonin jiragen sama na duniya suka daɗe suna aiki da ita. Ƙa'idar ta ce kowane kaya nauyi biyu gare shi, wanda sikeli ya nuna da wanda girmansa ya nuna, kuma wanda ya fi yawa a cikin biyun a kansa ake karɓar kuɗi.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa kai kaya tasha. Idan ka kawo wa direba buhun gishiri da katifar soso, ba zai karɓi kuɗin katifar gwargwadon nauyinta ba, ko da yake yaro ma zai iya ɗaukarta a ka. Zai duba wurin da ta cinye masa, wanda da ya zuba buhu huɗu ko biyar a ciki. Jirgin sama ma iyaka biyu gare shi. Akwai nauyin da ba zai iya tashi da abin da ya wuce shi ba, akwai kuma faɗin cikinsa. Jirgin kaya samfurin Boeing 777 yana ɗaukar kimanin tan 100, cikinsa kuma yana cin kimanin CBM 650. CBM shi ne awon gurbi da 'yan kago ke amfani da shi: akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Idan aka raba tan 100 a kan CBM 650, kowane CBM zai samu kilo 150 da ɗoriya. Ma'ana, jirgin yana cika ta fuska biyu a lokaci guda ne kawai idan kayan da ke cikinsa suna da nauyi kusan haka a kowane CBM. Idan aka cika shi da filo da takalman roba, wuri zai ƙare alhali bai ɗauki ko rabin nauyinsa ba. Albashin matuƙa da kuɗin sauka a filin jirgi ba za su ragu ba, man da zai sha ma ba zai ragu gwargwadon haka ba. Dole wani ya biya wannan giɓin, kuma adalci shi ne mai filon ya biya.

Saboda haka ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, wadda aka kafa a 1945, ta tsayar da ma'auni guda: ana ɗaukar kowane CBM ɗaya a matsayin kilo 167, ko da abin da ke cikinsa bai kai haka ba. Kayan da CBM ɗinsu ya fi kilo 167 a sikeli, nauyinsu na sikeli za a biya. Waɗanda ba su kai ba, girmansu za a biya. Duk maganar a kan wannan iyakar take juyawa.

Yadda ake lissafin

Ba a bukatar komai sai tef da na'urar lissafin da ke cikin waya. A auna kwalin ta fuska uku da santimita: tsawonsa, faɗinsa, da tsayinsa daga ƙasa zuwa sama. A ninka ukun, sannan a raba abin da ya fito da 6,000. Amsar ita ce nauyin girma, a kilo.

```
(tsawo × faɗi × tsayi) ÷ 6000 = nauyin girma
```

Wannan 6,000 ɗin da wancan 167 ɗin abu ɗaya ne aka faɗa ta hanya biyu. Akwatin CBM ɗaya santimita 100 ne ta kowace fuska, kuma 100 sau 100 sau 100 miliyan ɗaya ne. Miliyan ɗaya a raba da 6,000 zai ba da 166.67, wanda ake cikewa zuwa 167. Wanda ya fi jin daɗin aiki da CBM sai ya ninka shi da 167, ya samu kusan amsa ɗaya.

Bari mu ɗauki kaya na gaske mu bi su tun daga ma'ajiya. Wata 'yar kasuwa ta sayi jakunkunan hannu na mata guda 100 a Guangzhou. Mai shago ya zuba su a kwali biyar, 20 a kowanne, kowace jaka cike da takarda don kada ta lotse. Kowane kwali tsawonsa santimita 60, faɗinsa 50, tsayinsa 40, kuma sikeli ya nuna kilo 12. Jimillar nauyin sikeli kilo 60 ke nan. Don sauƙin lissafi mu ce ejan ya ba ta dala 6 a kan kowane kilo. Wannan farashin na misali ne kawai, don na gaskiya yana hawa da sauka da lokaci da hanya. A ranta kuɗin jirgi dala 360 ne, wato dala 3.60 a kan kowace jaka.

Yanzu tef ya shigo. 60 sau 50 sau 40 ya ba da 120,000. A raba da 6,000, an samu kilo 20. Kwalin da sikeli ya ce kilo 12 ne, girmansa ya ce kilo 20 ne. Kwali biyar, kilo 100. Tunda 100 ya fi 60, a kansa za a biya: dala 600, wato dala 6 a kan kowace jaka. Idan ribar da ta ƙiyasta a kan jaka ɗaya dala 3 ce, abin da ya rage mata bai kai dala ɗaya ba, tun kafin a zo maganar kwastan da kuɗin mota daga filin jirgi. Babu wanda ya yi mata ƙarya a cikin wannan cinikin. An gaya mata kuɗin kilo, ba a dai gaya mata wane kilo ake nufi ba.

A takardar jirgi ta kaya, wadda ake gani da sunan Air Waybill, nauyin biyu kowanne da gurbinsa. Inda aka rubuta Gross Weight nan ne nauyin sikeli, har da kwali da duk abin da aka naɗe kayan da shi. Inda aka rubuta Chargeable Weight nan ne nauyin da aka yi lissafin kuɗi da shi. Idan lambobin biyu sun zo daidai, kayan masu nauyi ne. Idan na biyun ya fi, girma aka biya. Ana kuma cike nauyin zuwa rabin kilo na gaba, ba a rage shi: kilo 20.1 zai koma 20.5, kilo 20.6 zai koma 21.

Akwai wani abu da ke rikita mutane, shi ne ba kowa ke raba wa da 6,000 ba. Kamfanonin kai saƙo na gaggawa irin su DHL da FedEx da UPS da 5,000 suke raba wa a saƙonnin ƙasa da ƙasa, wato CBM ɗaya a wurinsu kilo 200 ne. Kwalin jakunkunan nan a hannunsu kilo 24 ne, biyar ɗin kilo 120. Kaya ɗaya, kwali ɗaya, amma an samu bambancin kilo 20 daga sauya lamba guda. Shi ya sa kwatanta farashin kilo tsakanin ejan biyu ba tare da sanin lambar da kowanne ke raba wa da ita ba aikin banza ne. Wanda ya ce dala 5.50 amma yana raba wa da 5,000 zai karɓi dala 660 a kan jakunkunan nan. Wanda ya ce dala 6 yana raba wa da 6,000 zai karɓi dala 600. Mai arahar baki shi ne mai tsadar.

Inda kilo ke ƙaruwa ba a sani ba

Ba a auna kaya yadda suke a ido. Ana auna mafi tsawon wuri, mafi faɗin wuri da mafi tsayin wuri, kamar dai an saka kayan a cikin akwati mai kusurwa huɗu da ya rufe su gaba ɗaya. Kafet da aka naɗe ya zama kamar gungume ana lissafa shi da akwatin da zai ɗauke shi, har da iskar da ke kusurwoyin. Idan hannun wata na'ura ya leƙo waje da santimita 15, wannan leƙowar ta shiga lissafin dukkan kwalin. Dalili kuwa shi ne ba za a iya jingina wani kwalin a wurin ba.

Kumburin kwali shi ne abin da ya fi cin mutane a ɓoye. A ce an danna jakunkunan nan da ƙarfi a kwali mai laushi, an naɗe shi da leda da buhu don kada ya yage, har kowace fuska ta ƙaru da santimita 2 kacal. Awon ya koma 62 da 52 da 42. Ninkinsu 135,408 ne, kwali biyar kuma a raba da 6,000 ya ba da 112.84, wanda za a cike zuwa kilo 113. Santimita 2, abin da bai wuce faɗin babban yatsa ba, ya jawo kilo 13, wato dala 78. Awon da aka buga a jikin kwali daga masana'anta ba shi ne hujja ba. Na ma'ajiyar jirgi shi ne abin biya, kuma a manyan ma'ajiyoyi yau na'ura ce ke auna kwali da haske yayin da yake wucewa, ba ruwanta da abin da aka rubuta a jikinsa.

Sai kuma katakon da ake ɗora kaya a kai don injin ɗaga kaya ya iya ɗauka, wanda ake kira faleti. Wani mai shagon da kyakkyawar niyya zai ce bari ya ɗaure kwalayen a kan faleti don kada su watse a hanya. Faleti da aka saba gani tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 100, kaurinsa kamar 15. Kwali huɗu daga cikin namu za su cika samansa cif, na biyar ya hau bisa shi kaɗai. Yanzu kayan sun zama ɗauri ɗaya, kuma a matsayin ɗauri ɗaya za a auna su: 120 da 100 da tsayin 95, wato kaurin faleti da hawa biyu na kwali. Ninkinsu 1,140,000, a raba da 6,000, kilo 190. Daga 100 an koma 190, kuma ba a ƙara jaka ko ɗaya ba. Kilo 30 na katakon ne, kilo 60 kuma na gurbin kwali uku ne da babu su a hawa na biyu. Da kwali takwas ne a kan faletin, kuɗin da za a biya ɗaya ne. Wannan kuskuren yana ba ni haushi fiye da sauran, domin tambaya guda kafin a ɗaure ta isa ta hana shi.

Haka nan kayan da aka rubuta wa kada a ɗora komai a kansu. Wurin da ke samansu ya mutu, don haka ko dai a lissafa su da tsayin da ya fi nasu, ko a ɗora musu ƙarin kuɗi na musamman. Kada a liƙa wannan gargaɗin sai ga abin da zai fashe da gaske.

Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, santimita da inci. Wanda ya auna da inci ya raba da 6,000 zai samu ɗan ƙaramin adadi da zai faranta masa rai na ɗan lokaci. Lambar da ake raba inci da ita don a samu kilo ita ce 366.

Rage girma, da inda ragewar ke tsayawa

Tunda iska ake biya, maganin shi ne fitar da iskar. A cire takardar da aka cusa wa jakunkunan, a kwantar da su, a saka ƙanana a cikin manya, a yanke kwalin daidai da abin da ke cikinsa. Idan tsayin kwali ya sauko daga 40 zuwa 30, nauyin girmansa ya koma kilo 15, biyar ɗin kilo 75. Haka masu takalma ke cire su daga kwalayensu na ado, masu barguna da rigunan sanyi kuma su zuƙe iskarsu a leda.

Amma abin yana da iyaka, kuma sanin iyakar yana hana ɓata kaya a banza. Kwalinmu kilo 12 ne a sikeli. Girman da ya yi daidai da kilo 12 shi ne 12 sau 6,000, wato 72,000, wanda a kwali mai 60 da 50 yake nufin tsayin santimita 24. Da zarar an matse shi ya kai nan, nauyin sikeli ya karɓi ragama. Duk matsin da aka ƙara bayan haka ba zai rage ko sisi ba, sai dai ya karya jakunkunan. Kuma jakar da ta iso Kano a lotse da layin naɗi a fuskarta ta rasa abin da ya fi kuɗin jirgin da aka tsira da shi. Akwai kayan da iskar da ke kewaye da su ita ce kariyarsu, kamar fitilun ado da kwanukan tangaran. A irin waɗannan, biyan kuɗin girma shi ne daidai.

Wani abin da ke shiga tsakani shi ne matakan farashi. Kamfanonin jiragen ba kuɗi ɗaya suke karɓa a kan kowane kilo ba. Akwai mafi ƙarancin kuɗin da za a biya komai ƙanƙantar kaya, akwai farashin abin da bai kai kilo 45 ba, sannan farashin yana sauka a kilo 45, da 100, da 300, da 500, da 1,000. A ce a misalinmu daga kilo 45 dala 7 ne, daga kilo 100 kuma dala 6. To matsin da ya sauko da kayan daga kilo 100 zuwa 75 ya fitar da su daga mataki mai araha: 75 sau 7 dala 525 ne. An samu sauƙin dala 75, ba dala 150 da aka zata ba. Da kuma matsin a kilo 90 ya tsaya, 90 sau 7 dala 630 ne, ya fi kuɗin kilo 100. A irin wannan halin ƙa'idar ta yarda a rubuta kilo 100 a biya dala 600, tunda shi ya fi sauƙi ga mai kaya. Don haka idan ka ga an rubuta maka kilo 45 ko 100 cif alhali kayanka ba su kai ba ta sikeli ko ta tef, kada ka yi saurin fushi. Ninka duka biyun ka gani, mai yiwuwa alheri aka yi maka.

Sirrin haɗa mai nauyi da marar nauyi

Nan ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya, domin nan ribar sana'ar kago take, kuma ƙananan 'yan kasuwa kaɗan ne suka san da shi.

A kago na jirgi, idan kaya suna kan takarda ɗaya, ana haɗa nauyin sikelinsu duka wuri guda, a haɗa girmansu duka wuri guda, sannan a kwatanta jimilla da jimilla. A ce 'yar kasuwar nan tana da ɗan'uwa mai sayar da kayan gyaran babur, shi ma ya sayi kwali biyu na ƙananan ƙarafa. Kowane kwali 30 da 30 da 20 ne, nauyin girmansa kilo 3 kacal, amma a sikeli kilo 25 ne. Idan ya tura nasa shi kaɗai zai biya kilo 50. Ita ta biya 100. Su biyun kilo 150.

Idan suka haɗa a takarda ɗaya fa? Nauyin sikeli: 60 da 50, kilo 110. Nauyin girma: 100 da 6, kilo 106. Wanda ya fi yawa 110 ne. Kilo 40 ya ɓace daga lissafi, dala 240 ke nan, kuma ba a cuci kowa ba. Kamfanin jirgin ya samu abin da yake nema, kayan da nauyinsu da girmansu suka yi kusan daidai. Ƙarafan sun cike nauyin da jakunkunan suka rasa, jakunkunan sun yi amfani da gurbin da ƙarafan suka biya ba su ci ba.

Wannan shi ne abin da masu tara kayan jama'a ke yi kullum a ma'ajiyoyinsu na Guangzhou da Dubai da Istanbul. Suna karɓar kuɗin kilo 100 daga mai jakunkuna, kuɗin kilo 50 daga mai ƙarafa, su kuma su biya jirgi kilo 110 a babbar takarda ɗaya, a kan farashin mataki mai araha tunda kayan mutane da yawa ne. Ban ga laifi a cikin wannan ba. Su ne suka kama ma'ajiya, suka nemo kayan da za su dace da juna, suka ɗauki alhakin gurbin da suka yi wa jirgi alkawari. Amma wanda ya san da haka yana da abin ciniki a hannunsa. Idan kayanka gauraye ne, wasu masu nauyi wasu marasa nauyi, ka dage a lissafa maka su a dunƙule. Idan kuma kayanka masu nauyi ne zalla, ka sani kai ne irin abokin cinikin da ejan ke nema don ya cike masa lissafi, kana da bakin neman ragi.

Sai dai a kula, kamfanonin saƙon gaggawa galibi kwali-kwali suke lissafi. Kowane kwali a ɗauki wanda ya fi yawa tsakanin sikelinsa da girmansa, sannan a tara. A hannunsu kayan 'yan'uwan nan kilo 120 da kilo 50 ne, jimilla 170, ko da a takarda ɗaya suke. A can dabarar ita ce a gauraya mai nauyi da marar nauyi a cikin kwali ɗaya, idan kayan za su jure zama tare.

Abin bai tsaya ga masu shigo da kaya ba. Uwar da ke aika wa ɗanta kayan sallah a Landan ko Jidda, babbar riga da hula da takalmi, duka kilo 3, idan ta zuba su a kwali mai 40 da 40 da 30 don shi ta samu a gida, kuɗin kilo 10 za ta biya: 48,000 a raba da 5,000 ya ba da 9.6, a cike. Kwali mai 35 da 25 da 20 zai iya ɗauke su idan an ninke rigar da kyau, nauyin girmansa kuma kilo 3.5 ne. Masu aika busasshen zoɓo ma su lura, domin yana cin wuri fiye da nauyinsa.

Kuɗin girma kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Ƙarin kuɗin mai da na tsaro da ake ɗorawa a kan kowane kilo, kamfanoni da yawa a kan nauyin biya suke lissafa su. Harajin kwastan a Nijeriya da Nijar kuma ana yanke shi ne a kan darajar kaya haɗe da kuɗin ɗauko su da na inshora. Idan kuɗin jirgi ya kumbura, abin da ake lissafa haraji a kansa ma ya kumbura.

Yaya za a gane an yi cuta?

Ƙa'idar nan gaskiya ce, amma saboda mutane da yawa ba su san lissafinta ba, ta zama mafaka ga marar tsoron Allah. Ya isa ejan ya ce, "Hajiya, kayanki sun ci wuri," ya rubuta abin da ya ga dama. Bambance mai gaskiya da wanda ba shi ba abu ne mai sauƙi, domin kowane kilo na girma dole ya fito daga lambobi uku da za a iya sake aunawa. Mai gaskiya zai ba ka awon kowane kwali, ya gaya maka lambar da ya raba da ita, ya turo hoton tef a jikin kwalin idan ka nema. Kai kuma ka buga a wayarka. Idan amsarka da tasa sun bambanta da rabin kilo ko kilo ɗaya, cikewa ce. Idan bambancin ya kai kilo 10 ko 20, a nemi bayani: ko an sake naɗe kayan sun kumbura, ko an ɗora su a faleti, ko da 5,000 aka raba alhali 6,000 aka ambata, ko kwali-kwali aka lissafa. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to ƙari aka yi maka. Idan kayan sun iso filin jirgin Malam Aminu Kano, ko na Murtala Muhammed a Legas, ko na Diori Hamani a Yamai, a auna kwalayen kafin a farke su. Bayan an buɗe, hujja ta tafi.

Akwai kuma lokacin da lissafin ke nuna cewa jirgin sama ba hanyar waɗannan kayan ba ce. A jirgin ruwa, ga kayan da ba su cika kwantena ba, CBM ɗaya da kilo 1,000 ake daidaita shi, kuma kusan duk kayan kasuwa na yau da kullum da girmansu ake biya a kan farashin da bai kama ƙafar na sama ba. Kayan da nauyin girmansu ya ninka na sikeli, kamar filo da kayan wasan yara da robobin kicin, ruwa ya fi dacewa da su, matuƙar mai su zai iya jiran makonni.

Ga ejan-ejan ɗinmu, roƙona shi ne ku riƙa faɗin lambar rabawa tare da kuɗin kilo tun a maganar farko, ku kuma rubuta awon kwali a kan rasit. Kai kuma mai kaya, kafin ka biya mai shago, ka nemi ya turo maka yawan kwalaye da awon kowanne da nauyinsa, ka yi lissafin da kanka tun kayan suna hannunsa, lokacin da ake iya sauya kwali.